Darasi na 18: Yadda Rabi ta taƙaita babin Kogin Isa

1. Littafi ɗaya, yara uku

Rabi ƴar aji shida ce a wata lakwal ta garin Tasawa. A ajinsu littattafan labarin ƙasa ba su isa kowa ba. Yara uku ne suke raba littafi ɗaya, kowa ya kwana biyu da shi sannan ya miƙa wa na gaba.

Ran Laraba, Malam Isufu ya ce wa yara: «Saura kwana goma jarrabawa. A labarin ƙasa, tambayoyi za su fito daga babin Kogin Isa. Kowa ya taƙaita babin a cikin kayensa.»

A ranar littafin ya zo hannun Rabi. Ran Juma'a za ta ba Sani. Daga nan ba za ta ƙara ganinsa ba sai bayan jarrabawa. Abin da ta rubuta a kaye, shi kaɗai zai rage mata. In ta rubuta daidai, ta tsira. In ta rubuta kuskure, kuskuren za ta yi ta karantawa har ranar jarrabawa.

Da dare ta kunna fitila, ta buɗe littafin, ta fara karatu.

2. Babin da Rabi ta karanta

Babin yana da taswira, da hoton masunta cikin kwalekwale, da sakin layi biyar. Ga abin da ke cikinsa.

*Kogin Isa shi ne babban kogin Afirka ta Yamma. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4200. A Afirka duka, koguna biyu kaɗai suka fi shi tsawo, wato Nilu da Kwango. Mutanen da ke zaune a bakinsa sun ba shi sunaye iri-iri. A Gine da Mali ana ce masa Joliba. Zabarmawa suna ce masa Isa Beri, wato babban kogi. Hausawa kuma suna ce masa Kwara.*

*Mafarinsa yana cikin tsaunukan ƙasar Gine, kusa da iyakar Saliyo. Teku ba ta da nisa daga wurin, amma kogin ya juya mata baya, ya nufi arewa maso gabas. Ya ratsa Mali, ya bi ta Bamako da Segu da Mopti, har kusa da Tumbutu. A can ya lanƙwasa, ya bi ta Gawo, ya shigo Nijar. A ƙasarmu yana tafiyar wajen kilomita 550, ta Ayoru, Tilaberi, Yamai, Sayi da Gaya. A yankin Gaya shi ne iyakarmu da Benin. Daga nan ya shiga Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya faɗa Tekun Atlantika.*

*A Nijar, rassan da ke kawo masa ruwa suna hannun dama. Daga wajen Burkina Faso da Benin suke fitowa. Su ne Goruwol, Dargol, Sirba, Gorubi, Jamangu, Tapowa da Mekuru. Yawancinsu da damina kaɗai suke gudu. A hannun hagu akwai tsofaffin kwaruruka, kamar Dallol Boso da Dallol Mawri, waɗanda ba sa gudu kamar kogi yanzu.*

*A Yamai, kogin yana cika sau biyu a shekara. Cika ta fari tana zuwa a watannin Agusta da Satumba. Ruwan saman yankinmu ne ke kawo ta, ta cikin rassan hannun dama. Ruwan yana kwaso jar ƙasa, shi ya sa ake ce mata jar cika. Cika ta biyu tana zuwa daga Disamba zuwa Fabrairu, alhali ba a ruwan sama. Wannan ruwan daminar Gine ne. Hanyarsa tana da tsawo. Kuma in ya iso tsakiyar Mali, sai ya bazu cikin wata babbar fadama, ya daɗe a ciki kafin ya fito. Shi ya sa yake yin watanni kafin ya iso Yamai. A watannin Mayu da Yuni kuma kogin yana janyewa ƙwarai.*

*Kogin yana ciyar da mutane da yawa. Masunta suna kama kifi. Manoma suna noman shinkafa da kayan lambu a bakinsa. Makiyaya suna shayar da dabbobi. Da ruwansa ake shayar da birnin Yamai. Amma yana da matsaloli. Yashi yana cike cikinsa. In an yi fari yana ƙafewa: a watan Yunin 1985 ya daina gudu a Yamai. In ruwa ya yi yawa kuma yana ambaliya, kamar yadda ya ci unguwanni a Yamai a 2012 da 2020.*

3. Gwaji na fari da na biyu

Rabi ta ɗauki bik, ta fara kwafe babin kalma bayan kalma. Ta cika shafi biyu, hannunta ya gaji, ba ta gama sakin layi na uku ba. Ta rufe littafin, ta tambayi kanta: «Ina ne mafarin kogin?» Shiru. Ta rubuta amsar da hannunta, amma ba ta shiga kanta ba. Idonta ya ɗauko kalmomi daga littafi, hannunta ya sauke su a kaye, ba su tsaya a hanya ba.

Sai ta ce: «To, bari in rage.» Ta buɗe sabon shafi, ta rubuta layi biyar:

*Kogin Isa babba ne. 550.*
*Gine, Mali, Nijar.*
*Yana da rassa.*
*Yana cika sau biyu.*
*Yana da amfani.*

Ta ji daɗi. Aikin ya ƙare da wuri.

Kawunta Habu yana zaune a kan tabarma, yana shan shayi. Direban babbar mota ne, yana zuwa Yamai sau da yawa. Ya ce: «Ƴata, me kike rubutawa tun ɗazu?»

Ta ce: «Kawu, labarin Kogin Isa ne. Na taƙaita shi duka.»

Ya ce: «Madalla! Yau zan samu amsa. Na haye gadar Yamai a watan Janairu, ana tsakiyar ɗari, babu ko gajimare a sama. Amma na ga kogi ya cika maƙil. Ina wannan ruwa ya fito?»

Rabi ta duba kayenta. Ta karanta: «Yana cika sau biyu.»

Kawu ya ce: «Wannan na gani da idona. Dalili nake tambaya.»

Rabi ta sunkuyar da kai. Dalilin yana cikin littafi, amma ba ya cikin kaye. Ta zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi.

4. Kowane sakin layi amsa ce

Washegari, lokacin hutun tara, Rabi ta kai wa Malam Isufu shafukan nan. Ya duba na fari, ya duba na biyu, ya yi murmushi.

Ya ce: «Na fari kwafi ne, ba taƙaitawa ba. Na biyu kuma ya rame da yawa. Duba nan. Kin rubuta 550. Mene ne 550? Kifi ne ko kwalekwale?»

Ta ce: «Malam, tsawon kogin ne.»

Ya ce: «Tsawonsa duka?»

Rabi ta yi shiru. Ta buɗe littafi, ta ga lambobi biyu. Tsawon kogin duka wajen kilomita 4200 ne. 550 kuwa tafiyarsa ce cikin Nijar kaɗai. Da ta shiga jarrabawa da wannan shafi, da ta faɗi tambaya ta fari.

Malam ya ce: «Lamba ba ta tafiya ita kaɗai. Sai da ma'auninta, sai da sunan abin da aka auna. Yanzu zauna mu fara daga tushe. Ajiye bik. Karanta babin duka, daga farko har ƙarshe, ki duba taswira, kada ki rubuta kome.»

Ta karanta. Ta bi kogin da yatsa a kan taswira, daga Gine har teku.

Ya ce: «To. Wanda ya rubuta littafin nan bai raba shi sakin layi biyar a banza ba. Kowane sakin layi yana amsa tambaya guda. Aikinki na fari shi ne ki gano tambayar. Sake karanta na ɗaya. Wace tambaya yake amsawa?»

Rabi ta yi tunani, ta ce: «Yaya girman kogin yake?»

«Daidai. Na biyu fa?»

«Daga ina ya fito, ta ina ya bi, ina ya ƙare?»

«Na uku?»

«Waɗanne rassa ne ke kawo masa ruwa a Nijar?»

Da suka zo na huɗu, ta ce: «Sau nawa yake cika?»

Malam ya ce: «Wannan rabin tambaya ne. Ƙidaya jimlolin sakin layin. Jimla ɗaya ce ta ce yana cika sau biyu. Sauran fa, me suke bayani?»

Ta duba, ta ce: «Lokacin kowace cika, da abin da ke kawo ta.»

Ya ce: «Ashe tambayar ita ce: yaushe yake cika, kuma don me? Inda marubuci ya daɗe yana bayani, nan ne abin da yake so a gane. Kuma ki lura da ƙananan kalmomin nan: *domin*, *saboda*, *shi ya sa*. Duk inda kika gan su, akwai dalili a kusa. Ba a yar da dalili.»

Tambaya ta biyar ba ta ba ta wuya ba: mene ne amfanin kogin, kuma mene ne matsalolinsa?

Malam ya sa ta buɗe sabon shafi. Ta ja layi daga sama har ƙasa, ta bar faɗin yatsa uku a hagu. A wannan gefe ta rubuta tambayoyin nan biyar, da fili a tsakaninsu. Gefen dama na amsoshi ne.

5. Abin da ake riƙewa da abin da ake bari

Malam ya ce: «Yanzu sai sheƙa. Mai sheƙar hatsi tana barin iska ta tafi da ƙaiƙayi, tsaba ta faɗa cikin ƙwarya. Ga kowace jimla, tambayi kanki: in na cire ta, amsar tambayata za ta lalace?»

Suka gwada da sakin layi na ɗaya. Tsawon kogin: in an cire shi, ba a amsa tambayar girma ba. Sai a riƙe. Nilu da Kwango: a riƙe, amma a gajarta, a ce shi ne na uku a Afirka. Sunaye iri-iri: suna da daɗin sani, amma ba su ne amsar ba. Ana iya sa su a layi guda a ƙarshe.

A sakin layi na biyu akwai garuruwa da yawa. Rabi ta ce: «Malam, duka zan haddace?»

Ya ce: «Mene ne ya fi kusa da tambayar? Ƙasashe biyar, bi da bi, kamar yadda ruwa ya bi su. Sai garuruwan ƙasarmu, su ma bi da bi. Na Mali kuwa, riƙe ɗaya ko biyu. Kada ki birkita jerin, domin jerin shi ne hanyar kogin.»

A na uku akwai rassa bakwai. Rabi ta tuna cewa ranar darasi Malam ya ja layi ƙarƙashin Goruwol, Dargol da Sirba a allo. Ta riƙe su uku, ta ƙara Mekuru. Amma ba ta manta ta rubuta cewa su bakwai ne ba. Wanda ya rubuta sunaye huɗu bai faɗi jimillarsu ba, bayan mako guda zai zaci huɗu ne kawai.

Nan ta tsaya a kan wata magana. Ta ce: «Malam, ina ne hannun dama na kogi? Kogi yana da hannu?»

Ya ce: «Tambaya mai kyau. Ki ɗauka kina cikin kwalekwale, kina fuskantar inda ruwa ya nufa. Gaɓar da ke damanki ita ce hannun dama. In da kin rubuta wannan magana ba ki gane ta ba, da kin ɗauki kaya a rufe. Abin da ba a gane ba, ba a taƙaita shi. Sai a tambaya tukuna.»

Sannan ya ce: «Yanzu ga babban sirrin. Karanta sakin layi na huɗu sau biyu. Rufe littafin. Faɗa mini amsar da bakinki, kamar kina gaya wa ƙanenki.»

Rabi ta rufe littafin. Ta ce: «Cika ta fari da damina ce, ruwan wajenmu ne. Ta biyu da ɗari ce. Ruwan Gine ne da ya makara, domin hanya da nisa, kuma ya tsaya cikin fadamar Mali.»

Malam ya ce: «Rubuta haka. Maganarki ce, ba za ki manta da ita ba. In kin rufe littafi kika kasa faɗin kome, alama ce ba ki gane ba tukuna. Sai ki sake karantawa, ba ki kwafe ba.»

6. Shafin Rabi

Da yamma Rabi ta yi sauran aikin a gida. Sakin layi ɗaya bayan ɗaya, ta karanta, ta rufe, ta faɗa, ta rubuta. Ga shafin da ta samu.

*KOGIN ISA (labarin ƙasa)*

*Yaya girmansa?*
Wajen kilomita 4200 duka. Na 3 a Afirka, bayan Nilu da Kwango. Wasu sunaye: Joliba, Isa Beri, Kwara.

*Daga ina, ta ina, zuwa ina?*
Tsaunukan Gine, Mali, Nijar, iyakar Benin, Najeriya, Tekun Atlantika. Cikin Nijar kaɗai: wajen kilomita 550. Ayoru, Tilaberi, Yamai, Sayi, Gaya.

*Waɗanne rassa a Nijar?*
Guda 7, a hannun dama. Misali: Goruwol, Dargol, Sirba, Mekuru. Hannun hagu: tsofaffin kwaruruka, Dallol Boso da Dallol Mawri.

*Yaushe yake cika a Yamai, don me?*
Agusta da Satumba: jar cika, ruwan saman yankinmu ta cikin rassa. Disamba zuwa Fabrairu: ruwan daminar Gine, ya makara saboda nisa da fadamar Mali. Mayu da Yuni: yana janyewa.

*Amfani da matsaloli?*
Amfani: su, noman shinkafa da lambu, shayar da dabbobi, ruwan shan Yamai. Matsaloli: yashi, fari (Yunin 1985, ya daina gudu a Yamai), ambaliya (2012 da 2020).

Shafi ɗaya ne tak. Bai kai sulusin babin ba, amma kowace tambaya ta samu amsa. A ƙasan shafin ta zana ƴar taswira: layi mai lanƙwasa kamar baka, da ɗigo biyar na garuruwan Nijar. Ba ta ɓata lokaci wajen ƙawata ta ba. Tun da a lakwal ɗinsu ana karatu da Hausa da Faransanci, ta ɗauki jan bik, ta rubuta kalmar Faransanci kusa da manyan kalmomi: mafari, reshe, cika, hannun dama. Ta kwafe su harafi bayan harafi daga littafin, domin nan ne wurin da kwafi yake da amfani.

7. Dubawa kafin littafi ya tafi

Ran Juma'a da safe, kafin ta miƙa wa Sani littafin, Rabi ta yi abin da Malam ya ce kada ta manta. Ta ajiye littafi a hagu, kaye a dama. Ta sa yatsa a kan kowace lamba da kowane suna na kayenta, ta nemi ɗan'uwansa a littafi.

Ta kama kuskure biyu. A wajen shekarar fari ta rubuta 1958, alhali littafi ya ce 1985. Lambobin ne suka yi musanyar wuri. Kuma a jerin garuruwa ta sa Sayi kafin Yamai. Ta duba taswira, ta ga ruwa yana isa Yamai kafin Sayi. Ta gyara duka biyu.

Akwai kuma wani layi da ta soke. Kawu ya ba ta labarin dorinar ruwa da ya gani kusa da Ayoru, ta rubuta shi cikin amsa ta biyar. Labarin yana da daɗi, amma ba ya cikin babin. Taƙaitawa tana rage abin da ke akwai ne, ba ta ƙara abin da babu.

Sani ya karɓi littafin. Ya leƙa kayen Rabi, ya ce: «Kai, wannan ya yi kyau! Ara mini in kwafe, in huta.»

Rabi ta ce: «Zan nuna maka yadda ake yi. Amma in ka kwafe nawa, zai zame maka kamar shafina na fari. Hannunka zai rubuta, kanka bai sani ba. Yi naka, sannan mu gwada su, mu ga wanda ya bar wani abu.»

8. Kwana takwas da shafi ɗaya

Saura kwana takwas. Rabi ba ta yi ta karanta shafin kamar waƙa ba. Ta ɗora wata takarda a kan gefen dama, amsoshi suka ɓuya. Ta karanta tambaya, ta amsa da ka, sannan ta janye takardar ta duba. Inda ta amsa daidai, ta wuce. Inda ta yi kuskure, ta sa ɗan ɗigo da fensir.

Ran Asabar ta samu ɗigo uku. Ta bar shafin ya kwana uku. Ran Talata ta sake gwadawa, ɗigo ɗaya ya rage: tana ta manta watannin cika ta biyu. Sai ta tuna da Kawu a kan gada cikin ɗari, watannin suka zauna. Ran Alhamis ta amsa duka biyar ba ta duba ba. Kowane gwaji bai wuce minti goma ba. Kaɗan-kaɗan a ranaku dabam-dabam ya fi zama a kai bisa karatun dare guda.

A daren nan Kawu Habu ya dawo daga tafiya. Tun bai gama wanke hannu ba, Rabi ta ce: «Kawu, ruwan da ka gani a Janairu, ruwan daminar Gine ne. Ya yi doguwar tafiya, ya tsaya cikin wata babbar fadama a Mali, shi ya sa ya makara.»

Kawu ya yi dariya, ya ce: «Ashe shi ma matafiyi ne kamar ni, har da yada zango! Allah ya yi miki albarka, ƴata.»

Ranar jarrabawa aka ba da tambayoyi huɗu. Ta uku ta ce: «Don me Kogin Isa yake cika a Yamai bayan damina ta wuce?» Rabi ta ɗauki bik, ta fara rubutu.

Mu riƙe

Kowane sakin layi yana amsa tambaya guda. A gano tambayar, a rufe littafi, a rubuta amsar da kalmomin kai. Ba a yar da dalili. Ba a rubuta lamba ba tare da ma'auninta da sunan abin da aka auna ba. Kafin a rabu da littafi, a duba kowace lamba da kowane suna.

Ma'anar kalmomi

*Taƙaitawa*: rage tsawon magana ba tare da ɓata ma'anarta ba. A lakwal ana ce wa abin da aka taƙaita rezime.
*Sakin layi*: gungun jimloli masu magana a kan abu guda.
*Mafari*: wurin da kogi ya fara.
*Reshe*: ƙaramin kogi da ke zuba ruwansa cikin babba.
*Ma'auni*: abin da ake awo da shi, kamar kilomita ko kilo.

Tambayoyi

1. Don me Rabi ba za ta iya jira ba wajen taƙaita babin?
2. Mene ne laifin shafinta na fari? Mene ne laifin na biyu?
3. Mene ne bambancin kilomita 4200 da kilomita 550 a cikin babin?
4. Waɗanne kalmomi ne ke nuna akwai dalili a kusa?
5. Don me Malam ya sa Rabi ta rufe littafi kafin ta rubuta?
6. Waɗanne kurakurai ta kama ran Juma'a? Yaya ta kama su?
7. Don me ta soke labarin dorinar ruwa?

Aiki

a. Ku rufe wannan littafi. Kowa ya gaya wa na kusa da shi dalilin cika ta biyu da jimla biyu.

b. Wani yaro ya rubuta: «Rassan Kogin Isa a Nijar huɗu ne, suna hannun hagu.» Ku nemo kuskure biyu, ku gyara.

c. Ku ɗauki babin da kuka gama a makon jiya. Ku ƙidaya sakin layinsa. Ku ja layi a shafin kaye, ku rubuta tambaya guda ga kowane sakin layi a hagu, amsarta a dama. Kada ya wuce shafi ɗaya. Gobe ku yi musanyar kaye, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambayoyin.